Ɗakin haya ya yi watanni a rufe: Lissafin da ya kamata masu gidaje a Kwargaba su yi kafin su zargi kasuwa

A Kwargaba da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Wurno, har zuwa Rabah da Goronyo, ba abin mamaki ba ne a ga jerin shaguna a bakin hanya ko ɗakuna ciki da falo da aka gina da kuɗin albasa ko na shinkafa, amma kwaɗo ya yi tsatsa a jikin ƙyaurensu. Wanda ya samu riba a noman rani yakan so ya adana ta a abin da ba ya ruɓewa, kuma gini ne ke fara zuwa masa a rai. Bayan an gama rufi an sa ƙofa ne ake gane cewa samun mai shiga wata sana'a ce daban.

Kasuwar haya a wannan yanki ba irin ta birnin Sakkwato ba ce. A Mabera ko Arkilla, idan ɗaki ya zauna babu kowa, yawanci ana iya cewa kuɗinsa ne ya yi yawa, domin masu nema suna nan. A ƙauyuka da ƙananan garuruwan gabashin jihar kuwa, kusan kowane magidanci yana zaune ne a gidan gado ko a filin da ya gina da kansa. Saurayin da zai yi aure ana yanka masa wuri a cikin gida. Masu kama haya 'yan kaɗan ne, kuma ana iya lissafa su: malamin makaranta da aka turo daga wani gari, ma'aikacin asibiti, jami'in tsaro, mai yi wa ƙasa hidima, ɗalibi ko ma'aikacin Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Wurno, ɗan kasuwar da ke zuwa sayen amfanin gona a kakarsa, sai kuma iyalan da matsalar tsaro ta raba da garuruwansu. Duk mai gidan da bai san wanne daga cikin waɗannan yake jira ba, zai iya shekara yana jiran wanda ba zai zo ba.

Wata bakwai a rufe, nawa aka rasa?

A ɗauki misalin wani mai gida da ke da ɗaki ciki da falo, da banɗaki a tsakar gida. Ya yanka masa Naira 120,000 a shekara. A watan farko wani ma'aikacin lafiya ya zo ya taya Naira 90,000, mai gida ya ce albarka. Daga nan ɗakin ya yi wata bakwai babu wanda ya shiga. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa zai iya sa nasa a gurbinsu, amma yadda lissafin ke tafiya ɗaya ne.

Naira 120,000 a shekara daidai take da Naira 10,000 a wata. Wata bakwai a rufe ke nan Naira 70,000 ta tafi, kuma ba ta dawowa, domin ɗaki ba buhun shanshera ba ne da za a ajiye har ya yi tsada. Watan da ya wuce babu ɗan haya ya wuce ke nan. Ragin da mai gidan ya ƙi yi kuwa Naira 30,000 ne a shekara, wato kuɗin wata uku kacal. Tun daga wata na huɗu ya fara asarar abin da ya fi wanda ya ƙi sadaukarwa.

A ƙaddara a wata na takwas ya samu wanda ya biya cikakkiyar Naira 120,000 ɗin. Idan aka ƙirga shekara biyu daga ranar da aka fara taya ɗakin, zai karɓi kuɗin wata 17 ne, Naira 170,000. Da ya karɓi tayin farko, da ya samu Naira 180,000 a wannan tsawon lokaci. Sai an kai wata 28 kafin hanyoyin biyu su yi kunnen doki, kuma wannan ma idan ɗan haya na biyu ya zauna bai tashi ba, alhali ma'aikacin gwamnati ana iya yi masa canjin wurin aiki a kowane lokaci.

Abin da ke hana masu gidaje ganin wannan shi ne sukan auna kuɗin haya da abin da suka kashe wajen gini. Siminti ya yi tsada, kwano ya yi tsada, lebura ya ƙara kuɗi, saboda haka sai su ga ragi tamkar cin fuska ne. Amma ɗan haya bai san nawa aka sayi buhun siminti ba, kuma bai damu ya sani ba. Abin da yake dubawa shi ne albashinsa da kuma ɗakin da ke gaba kaɗan, wanda aka ce masa Naira 80,000.

Akwai kuma maganar kunya. Mai gida yakan ji nauyin a ce ya sauko, musamman idan maƙwabcinsa ma yana da ɗakunan haya, ko kuma idan akwai wasu 'yan haya a cikin gidan da ke biyan tsohon farashi. Wannan damuwa ta biyu tana da tushe, domin da zarar sun ji za su nemi a rage musu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar farashin yadda yake a baki, a yi ragin ta wata fuska: a ce wanda ya biya shekara zai zauna wata 14. Naira 120,000 a raba ta 14 ta koma kusan Naira 8,600 a wata. Ɗan haya ya samu sauƙi, kuma idan lokacin sabuntawa ya zo, daga Naira 120,000 za a fara magana.

Inda masu nema ke tsayawa

Kafin a taɓa farashi ma, akwai tambayar da ya kamata mai gida ya yi wa kansa: a cikin watannin nan, mutum nawa suka zo dubawa, kuma a ina maganar ke mutuwa? Amsar ita ce ke nuna ciwon.

Idan babu wanda ya zo ko kaɗan, ba a san da ɗakin ba ne, ko kuma farashin da ke yawo a bakin mutane ya kori kowa tun kafin su tako. Idan ana zuwa a duba, a yi godiya a tafi ba a ko taya ba, to wani abu ne aka gani ko aka shaƙa a cikin ɗakin. Idan kuwa ana dubawa, a yaba, a yi ciniki, sannan a ce za a dawo amma shiru, matsalar tana wajen yadda ake son a biya kuɗin. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya sha maganin wani ciwon zai kashe kuɗi a banza. Mai gidan da matsalarsa warin masai ce, ko ya rage rabin kuɗi ba zai samu mai iyali ba. Wanda kuma matsalarsa neman kuɗin shekara a dunƙule ce, sabon fenti ba zai ƙara masa komai ba.

A misalin da ake tafe da shi, a ce mutum biyar ne suka zo a wata bakwai. Uku sun leƙa sun juya, biyu sun yi ciniki sun ɓace. Wannan mai gida yana da ciwo biyu a lokaci guda.

Kuɗin shekara a dunƙule

A fara da masu cinikin da suka ɓace. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun daga 2024 Naira 70,000 ne a wata, masu yi wa ƙasa hidima kuma Naira 77,000 gwamnatin tarayya ke ba su tun daga 2025. Idan aka ce wa mai irin wannan samu ya kawo Naira 120,000 a lokaci ɗaya, a ɗora masa la'adar dillali ta kashi goma cikin ɗari, wato Naira 12,000, an nemi Naira 132,000 ke nan, kusan albashinsa na wata biyu bai ci ba bai sha ba. Mutumin da aka turo sabon wuri, wanda bai ma gama biyan kuɗin motar kwaso kayansa ba, ba shi da wannan kuɗi. Amma Naira 10,000 a wata kashi ɗaya ne cikin bakwai na albashin, abin da zai iya ɗauka ba tare da ya ci bashi ba.

Masu gidaje suna gudun biyan wata-wata ne saboda dalili mai ƙarfi: bin bashi. Babu mai son ya riƙa sintiri ƙofar ɗan haya duk ƙarshen wata, ana ce masa albashi bai shigo ba. Tsaka-tsakin da ya fi aiki shi ne biyan wata uku-uku, Naira 30,000 kowane zango, a biya kafin zangon ya fara. A sa ranar biya ta faɗo 'yan kwanaki bayan lokacin da aka saba biyan albashi, kuma a riƙa turawa ta banki ko ta wajen mai POS domin a samu shaidar biya. Idan ɗan haya ya gaza, abin da mai gida zai rasa bai wuce na 'yan makonni ba kafin ya gane, maimakon ya wayi gari ana bin wata shida.

Ga wanda samunsa na kaka ne, kamar mai sayen shinkafa ko ɗan tireda da cinikinsa ke tashi bayan girbi, sai a daidaita ranar biya da lokacin da kuɗi ke hannunsa. Neman kuɗin haya a tsakiyar damina, lokacin da kowa ya zuba abin da yake da shi a taki da noma, neman rigima ne.

Akwai wani rukuni da masu ɗakuna a yankin ba su cika tunawa da shi ba, wato ma'aikatan da iyalansu ke Sakkwato, suke zuwa aiki su koma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban nauyi a kansu. Idan zuwa da dawowa na cin Naira 2,000 a rana, kwana 20 na aiki Naira 40,000 ke nan a wata. Irin wannan ma'aikaci ba ciki da falo yake nema ba. Ɗaki ɗaya yake so mai tsabta, da katifa da fanka, inda zai kwana daga Litinin zuwa Alhamis. Idan ginin ya ba da dama a fitar wa kowane ɗaki ƙofarsa, ciki da falon da ya gagara shiga a Naira 120,000 zai iya zama ɗakuna biyu a Naira 6,000 kowanne a wata. Jimilla Naira 144,000 a shekara, kuma idan ɗaya ya tashi ɗayan yana nan.

Abin da ido da hanci ke gani a minti biyu

Sai kuma mutum ukun da suka leƙa suka juya. Ɗakin da ya yi watanni a rufe yana lalacewa fiye da wanda ake zaune a ciki, kuma mai shi ba ya lura domin ba ya shiga. Ranar da aka zo dubawa ne ake neman makulli, a yi ta fama da kwaɗo, a buɗe ƙofa zafi da wari su tarbi baƙo. Yawancin masu dubawa a nan suke yanke hukunci, sauran zagayen kara ce kawai.

Warin yana da tushe, kuma kowane iri da abin da yake nunawa. Wari mai kaifi kamar na fitsari da ke saukowa daga sama, tare da ɗigon baƙin kashi a gefen bango, alamar jemagu ne a cikin silin. Share ƙasa ba ya maganinsu. Sai an jira sun fita da magariba, a toshe ramukan da ke tsakanin kwano da bango, sannan a kwashe kashin da ya taru. Idan aka toshe da rana suna ciki, za su mutu a can, warin ya ninka. Warin rima kuwa, irin na tufafin da ba su bushe ba, daga danshi yake, kuma danshi iri biyu ne.

Na farko daga sama yake zuwa. Taswirar ruwa mai launin ƙasa-ƙasa a jikin silin tana nuna yoyo, ko da a tsakiyar rani aka gan ta. Mai neman haya da ya taɓa kwashe katifa da tsakar dare ya san wannan alama, kuma ita yake fara ɗaga kai ya nema. Gano wurin ba wuya: a ɗaga allon silin ɗaya da tsakar rana a duba inda haske ke shigowa, ko a sa yaro ya hau ya zuba ruwa ana kallo daga ciki. Yawanci bakin ƙusa ne ya buɗe ko kuma iskar farkon damina ta ɗaga gefen kwano. A gyara rufin tukuna, sannan a canza allon da ya ɓaci. Wanda ya shafe tabon da fenti ya bar ramin, ruwan Yuli zai tona masa asiri, kuma ɗan hayan zai ba duk abokan aikinsa labari.

Na biyu daga ƙasa yake tasowa, kuma ya fi yawa a gine-ginen da ke kusa da fadama, abin da ba baƙo ba ne a garuruwan da ke kwarin Gulbin Rima. Alamarsa ita ce fenti na kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango zuwa kamar gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari kamar kanwa a jikin filasta. Ana iya gwadawa da leda: a manna ta a bangon, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan aka ga raɓa a fuskar da ke manne da bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. A nan fenti asarar kuɗi ne. Abin da ke taimakawa shi ne a hana ruwa kwanciya a gindin bangon daga waje, a yi daɓen siminti mai gangare a zagaye, a gyara inda ruwan rufi ke zuba, a kankare filastar da ta ruɓe a sake ta, a bar ta ta bushe sosai. Idan tun wajen aza harsashi ba a sa abin da ke tare danshi ba, gyaran zai rage matsalar ne kawai, kuma gara a faɗa wa mai shiga gaskiya ya jawo kayansa nesa da bangon.

Gara ma tana son ɗakin da babu motsi. Hanyoyinta na ƙasa a jikin bango ko a gindin katakon ƙofa suna bayyana, kuma idan aka ƙwanƙwasa katako aka ji shi kamar ganga, ta riga ta cinye cikinsa.

Bayan ɗaki, banɗaki ne ke yanke magana, musamman idan da mace a cikin masu dubawa. Ƙofar da ke rufuwa daga ciki, katanga mai tsawon da ba a hango mutum, murfi a bakin masai, da bututun da ke fitar da wari sama, waɗannan ba su kai kuɗin fentin gida ba, amma sun fi shi tasiri. Magidanci zai haƙura da bango mara kyau. Ba zai kawo iyalinsa inda babu sutura ba, ko inda za su haɗa banɗaki da samarin da ba su sani ba. Shi ya sa cakuɗa gwauraye da masu iyali a gida ɗaya kan bar rabin ɗakunan a rufe. Gara mai gida ya zaɓi ɓangare ɗaya ya tsaya a kai.

Idan mai gidan da ke cikin misalin yana da Naira 50,000 da zai kashe, tsarin da ya dace shi ne rufi da farko, sai banɗaki, sai ƙofa da taga da ragar sauro, abin da ya rage a sayi farin fenti mai araha a shafa ciki. Tayil da fenti mai sheƙi na waje ba su cikin lissafi. Ƙa'idar da za ta tsare shi ita ce kada gyaran ya wuce abin da hayar wata biyar ko shida za ta mayar, sai dai idan gyara ne da zai hana ginin kansa lalacewa. Kuma ko bayan an gama, a riƙa buɗe ɗakin ana sharewa duk mako, a cire ciyawar ƙofar gida. A kai mai dubawa da safe ko da la'asar. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin kwano da aka buɗe da azahar tanda ne.

Ruwa da wuta suna cikin farashi

Ɗan haya mai lissafi yana tara kuɗin ɗaki da na ruwa ne ya ga jimilla. Idan iyali na shan jarka huɗu a rana, kowace a Naira 100 daga wajen 'yan ga-ruwa, Naira 12,000 ke nan a wata, fiye da kuɗin hayar kanta. Ɗakin Naira 120,000 da ke da rijiya a tsakar gida ya fi na Naira 80,000 da babu ruwa araha. Mai gidan da ke da rijiya ko yake kusa da famfon burtsatse ya kamata wannan ne abu na farko da zai faɗa. Wanda ba shi da ita kuma zai iya yasar tsohuwar rijiya, ko ya shirya da maƙwabcin da ke da burtsatse a jawo tiyo zuwa tanki, a san abin da za a riƙa biya.

Wuta kuma, inda layin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ya kai, abin da ke korar mutane shi ne tsohon bashi. Sabon ɗan haya ba ya son ya gaji takardar da wani ya tara, a zo a yanke masa waya. A biya bashin ko a daidaita da kamfanin, a nuna masa takarda. Inda wutar ba ta zuwa sosai, ƙaramar sola da za ta ɗauki ƙwai biyu ko uku da fanka da cajin waya tana bambanta ɗaki da na maƙwabta. Sai dai batir yana mutuwa, kuma yana da saurin ɓata, don haka a rubuta tun farko wa zai canza shi.

Labarin ɗaki ya kai ga masu nema

A garin da kowa ya san kowa, mai gida yakan ɗauka duk an san ɗakinsa na neman mai shiga. 'Yan gari sun sani, amma ba su ne masu kamawa ba. Baƙon da aka turo yana tambayar mutum biyu ko uku ne a ranar da ya sauka: shugaban makarantar da aka kai shi, ko mai kula da asibitin, ko wani a sakatariyar ƙaramar hukuma, sai ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga tasha. Waɗannan su ne ya kamata su san da ɗakin, da kuɗinsa, da lambar da za a kira. Masu yi wa ƙasa hidima rukuni-rukuni suke zuwa bayan sun gama mako uku a sansaninsu na Wamakko, kuma masu fita su ne ke nuna wa masu shigowa wurin zama. Wanda ya kyautata wa na bana ya samu na baɗi.

Hoto ma yana aiki, domin ma'aikata suna da zaurukansu na WhatsApp. Hotuna huɗu ko biyar da aka ɗauka da rana bayan an share, na ɗaki da banɗaki da tsakar gida da wurin ruwa, tare da farashi a rubuce, sun isa. Ɓoye farashi da cewa sai an zo yana rage masu kira. A jikin ginin kuma a rubuta cewa akwai ɗakin haya da lambar waya mai shiga, babba yadda mai wucewa a kan babur zai iya karantawa.

Dillali yana da amfani, amma ba wa dillalai huɗu ɗaki ɗaya yana jawo kowa ya ɗora nasa. Mai gida ya ce Naira 100,000, mai nema ya ji Naira 130,000 a bakin wani, ya ji Naira 115,000 a bakin wani, sai ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. A zaɓi ɗaya, a yanke la'adarsa a fili, a ba shi wa'adin wata guda. Idan ɗakin ya daɗe, mai gida ya ɗauki nauyin la'adar da kansa. Naira 12,000 kuɗin wata ɗaya ne da 'yan kwanaki, kuma dillalin da ya san kuɗinsa na hannun mai gida ya fi zafin nema.

Idan shago ne

Shagon da ya ƙi shiga sau da yawa wurinsa ne bai dace da ciniki ba, kuma babu fentin da zai jawo masu wucewa. Amma yankin da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar Goronyo da ta Lugu yana da buƙatar wurin ajiya. Masu sayen shanshera da gero da masu kai kaya kasuwar Achida ko ta Goronyo da ke ci ranar Lahadi suna neman ɗaki busasshe mai ƙofar ƙarfe na wata uku zuwa biyar. Haya ce ta kaka, amma wata huɗu a Naira 10,000 ta fi shekara a rufe. Sharaɗin shi ne rufi ba ya yoyo, an toshe ramukan ɓera, an kuma jera katako a ƙasa domin kada buhu ya taɓa siminti.

Albasa ce ba a yi wa haka. Tana buƙatar iska tana ratsa ta, shi ya sa manoma ke ajiye ta a rudu. Idan aka tula ta a rufaffen shago mai zafi za ta ruɓe, ruwanta ya shiga daɓe, warin ya yi watanni. Taki ma yana cin siminti da ƙofar ƙarfe idan ya jiƙe, maganin feshi kuma yana barin warin da zai hana a mayar da wurin ɗakin kwana ko shagon abinci.

Wa za a ba makulli?

Ɗakin da ya daɗe a rufe yana sa mai shi ya karɓi duk wanda ya zo da kuɗi, kuma a gabashin Sakkwato wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, sun sa jama'a na sa ido a kan baƙuwar fuska, kuma mai gidan da ya saukar da wanda ba a sani ba shi za a fara tambaya. A ɗaya ɓangaren, yawancin waɗanda ke neman wurin zama daga ƙauyukan da aka tasa mutanen kirki ne da suka rasa komai, kuma rufe musu ƙofa saboda zargi zalunci ne. Abin da ke raba gardama shi ne a bi hanya ɗaya ga kowa: a gabatar da mai shiga ga mai unguwa, ya kawo wanda aka sani a gari ya tsaya masa, a karɓi lambar wayarsa da kwafin katin shaidarsa. Ma'aikaci kuma a tabbatar daga wurin aikinsa.

Da iyalan da suka yi gudun hijira, abin da ke kawo saɓani daga baya shi ne yawan mutane. An yi magana da mutum shida, bayan wata biyu an zama goma sha biyar domin 'yan uwa sun biyo baya, masai ya cika, rijiya ta gaza. Gara a yi maganar adadi tun farko, da abin da za a yi idan an ƙaru.

Duk abin da aka amince a rubuta shi, ko da a takarda ɗaya ce, da Hausa ko da ajami, shaidu biyu su sa hannu. A sa kuɗin da ranar biya, da tsawon wa'adi, da wanda zai gyara rufi da wanda zai kwashe masai, da kwanakin sanarwa kafin tashi, da jerin abin da aka tarar a ɗakin, daga fanka zuwa batirin sola. Idan an yi ragin nan na wata 14, a rubuta cewa na shekarar farko ne kaɗai.

Akwai kuma lokacin da duk wannan ba zai kawo kowa ba, kamar idan an daina turo ma'aikata garin saboda tsaro, ko hanyar da shagon ke kai ta mutu. A irin wannan hali, wasu masu gidaje kan ba wani amintacce, kamar malamin allo ko ɗan uwa mai sabon aure, ya zauna kyauta ko da ɗan abin da ya samu, bisa sharaɗin zai riƙa share wuri, ya sanar da yoyo da gara da wuri, ya kuma tashi bayan sanarwar wata guda idan mai biya ya samu. Shi ma wannan a rubuta shi a gaban mai unguwa, domin wanda ya shiga kyauta ya fi wanda ke biya wuyar fitarwa.